Bayan An Yanke Siminti: Yadda Hannun da Ya Karye Ke Komawa Bakin Aiki

Ranar cire siminti, yawancin masu karayar hannu sukan zo asibiti da zumuɗi, a ganinsu yau wahala ta ƙare. Ma'aikaci zai kawo zartonsa mai ƙarar tsiya, wanda bakinsa karkarwa yake yi ba juyawa ba, shi ya sa yake cin siminti ya bar fata. A tsaga gefe biyu, a buɗe, a yanke audugar ciki. Abin da ke fitowa kuwa ba shi mai hannu ya yi tsammani ba. Hannu ya rame, fata ta yi furu-furu tana saɓa, wani lokaci gashi ya ƙara duhu da yawa, ga ɗan wari. Ya ce zai lanƙwasa tsintsiyar hannun, ta ƙi. Ya ce zai juya tafin sama, sai ya tsaya a rabin hanya. A miƙa masa kofin ruwa ya ji yana neman suɓucewa.

A nan ne wasu ke cewa likita ya ɓata aiki. Galibi ba haka ba ne. Siminti abu ɗaya aka sa shi ya yi, wato ya hana ƙashi motsi har ya haɗe. To amma ba ƙashi kaɗai ya ɗaure ba. Ya ɗaure gaɓoɓi, da tsoka, da jijiyoyin da ke jan yatsu, su kuwa waɗannan zama wuri ɗaya illa yake yi musu. Haɗewar ƙashi kan ɗauki kimanin mako 6 ga babba. Dawowar motsi da ƙarfin damƙa kan ɗauki watanni, kuma mai hannun ne zai yi mafi yawan aikin.

Tsakanin gwiwar hannu da tsintsiyar hannu ƙasusuwa biyu ne a jere. Na ɓangaren babban yatsa likitoci na kiransa radiyos, na ɓangaren ƙaramin yatsa kuma alna. Idan mutum ya kife tafinsa, radiyos ne ke ketarawa ta kan ɗan'uwansa, idan ya buɗe tafin sama sai su koma su kwanta a jere. Wannan juyawa ita ce ta kai loma baki, da karɓar canji, da murɗa makulli, da ɗaga hannu a yi addu'a. Karayar da aka fi gani ita ce ta ƙarshen radiyos, daf da tsintsiyar hannu, wadda ke faruwa idan mutum ya faɗi ya tokare da tafi. Wani likitan fiɗa na Dublin, Abraham Colles, ya yi bayaninta tun 1814, shekaru da yawa kafin a san hoton ƙashi, har yau kuma da sunansa ake kiran nau'in da ƙarshen ƙashin ke karkata zuwa bayan hannu. Akwai kuma karayar alna shi kaɗai, irin ta wanda ya ɗaga hannu ya kare sanda. Ita da ta ƙarshen radiyos, da yawancin karayar yara, su ne aka fi yi wa siminti. Babba da ya karya ƙasusuwan biyu a tsakiya, shi kam galibi tiyata ake yi masa a sa ƙarfe, domin siminti ba ya iya riƙe su daidai, kuma idan suka haɗe a karkace juyawar hannu ta tafi ke nan.

A ɗauki misalin wata mata mai shekara 52, mai suyar ƙosai, da santsi ya kwashe ta a bakin famfo ta tokare da hannun dama. An yi hoto, an ja ƙashin an daidaita shi, an sa siminti daga ƙasan gwiwar hannu zuwa tafi. Labarin yadda hannunta zai kasance bayan wata shida, tun a makon farko ake fara rubuta shi.

Abokin gaba na farko shi ne kumburi. Ruwan da ke taruwa a hannu bayan karaya yana ɗauke da sinadarai masu danƙo, idan ya daɗe a wurin sai ya manne jijiyoyi da naman da ke kewaye da su. Saboda haka a kwanakin farko ana so hannu ya zauna sama da ƙirji: a kan matashin kai in tana kwance, a jingine in tana zaune. Rataya hannu a wuya da ƙyalle yana da amfani in za a fita, amma wadda ta wuni da shi a rataye mako shida za ta fito da kafaɗar da ta ƙage, ta zo da karayar hannu ta koma da ciwon kafaɗa. Don haka sau da yawa a rana sai ta cire ratayar, ta ɗaga hannun sama da kai, ta kai shi ƙeya, ta miƙe gwiwar hannu ta lanƙwasa.

Sai yatsu. Simintin da aka sa daidai yana tsayawa ne a layin da ya ratsa tafin hannu, ya bar gaɓoɓin gindin yatsu su lanƙwashe sosai. Idan ya zarce ya rufe su, a koma a ce a rage shi, wannan ba rashin kunya ba ne. Tun ranar farko ko ta biyu za ta riƙa miƙe yatsu sosai, sannan ta lanƙwasa kawunansu kamar ƙugiya, sannan ta dunƙule gaba ɗaya, sannan ta taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa. Sau goma-goma, kusan kowace awa in tana farke. Kaɗa yatsu sama-sama ba ya wadatarwa, sai sun kai ƙarshen miƙewa da ƙarshen dunƙulewa. Ma'aunin yana da sauƙi: in ta dunƙule, kawunan yatsu su taɓa tafi. Masu gashin ƙashi a asibiti sun sha faɗa cewa tsintsiyar hannu da ta sage tana da sauƙin sha'ani a kan yatsun da suka sage, domin ita akwai dabarar aiki ko da ba ta gama sakewa ba, su kuwa in ba su rufe ba babu damƙa.

Akwai ciwon da ba a yi masa haƙuri. Idan zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, maganin ciwo ba ya taɓa shi, miƙe yatsu na sa mutum ihu, yatsun sun yi sanyi ko sun dushe ko sun mutu, to ɗaurin ya matse jini. Wannan maganar awoyi ce, ba ta kwanaki ba, a tafi asibiti ko tsakar dare ne a tsaga simintin. Tsokar da ta rasa jini mutuwa take yi, ta ƙanƙance, yatsu su ƙandare har abada, abin da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana a 1881. Ana ganin irin wannan a asibitocin ƙashi kamar na Dala a Kano, kuma sau da yawa yara ne da aka yi wa ɗorin gida da karare aka ɗaure tamau a kan hannu mai kumburi. Siminti ma yakan yi haka in an sa shi da matsi. Akasin haka kuma yana faruwa: bayan mako ɗaya ko biyu kumburi ya saɓe, siminti ya yi sako-sako, ƙashi ya goce a ciki ba a sani ba. Wannan ne dalilin hoton da likita ke nema a makonnin farko. Mutane da yawa na tsallake shi saboda kuɗi, alhali a lokacin ne kaɗai gyara ke da arha.

Mako 6 ya cika, hoto ya nuna ƙashi ya kama, an cire wa mai ƙosai siminti. Fatar ba a dirje ta. A jiƙa hannun a ruwa mai ɗumi, a goge a hankali da tawul, a shafa man kaɗanya ko basilin, cikin 'yan kwanaki saɓar za ta ƙare. Hannun zai iya sake kumbura a makon nan, tunda an cire abin da ke tallafe shi, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Wasu likitoci kan ba da takalmin hannu mai ɗauri, a sa in za a shiga kasuwa ko mota, a cire a gida.

Yanzu motsi ake nema, ƙarfi sai daga baya. Wannan tsari shi ne abin da mutane suka fi birkitawa. Mutum ya ga hannunsa ya rame, sai ya sayo ƙwallon roba ya wuni yana matsa, washegari hannu ya kumbura ya ƙara sagewa. Ƙarfi ana iya gina shi ko bayan shekara. Motsi kuwa yana da lokacinsa: mafi yawan abin da za a samu a watanni ukun farko bayan cire siminti ake samunsa, bayan nan naman da ya ƙage yana ƙara taurin kai.

Tsintsiyar hannu mai lafiya tana lanƙwasawa gaba kamar digiri 80, ta ɗaga baya kamar 70, kuma hannu na juyawa kusan 80 kowane gefe. Ba dole ne a dawo da duka ba. Binciken da aka yi kan ayyukan yau da kullum ya nuna cewa juyawar digiri 50 sama da 50 ƙasa ta isa yawancinsu. A ranar farko, matar nan za ta iya samun digiri 20 ko 30 kacal a kowace fuska.

Atisayen farko shi ne ta ɗora hannun a kan tebur ko a cinya, tsintsiyar ta leƙo waje, ta sauke ta ƙasa, ta ɗaga ta sama. Akwai wata 'yar dabara a nan da ke raba mai ci gaba da mai wahalar banza. In za ta ɗaga, ta ɗaga da yatsu a dunƙule. Bayan makonni a siminti, tsokar da ke ɗaga tsintsiyar hannu takan yi barci, sai jiki ya koma ɗaga ta da tsokar miƙe yatsu. Mutum zai ga hannu na ɗagawa ya yi murna, amma da zarar ya dunƙule don ya riƙe wani abu sai tsintsiyar ta faɗi, damƙa ta tsinke. Riƙe biro ko ɗan ƙyalle a tafi yayin ɗagawar yana tilasta wa tsokar da ta dace ta farka.

Juyawa ta fi ba da wuya, musamman buɗe tafi sama. Dalili kuwa shi ne yawanci a ɗan kife hannu ke zama cikin siminti, kuma tsokar da ke kife shi tana kwance ne daidai kan inda ya karye, sai ta gajarce. Ga yadda ake yi: gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, a lanƙwashe, sannan a juya tafi sama har inda ya tsaya, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30. Idan za a taimaka da ɗaya hannun, a kama sangalin hannu sama da tsintsiya, kada a kama yatsu, don murɗa yatsu wahalar da gaɓa kawai yake yi. Jiki akwai wayo. Zai karkata kafaɗa, ya ja gwiwar hannu zuwa ciki, mutum ya ga tafi ya kalli sama alhali ƙashin bai motsa ba. Shi ya sa ake cewa a matse tawul a hamata, in ya faɗi an yi maguɗi. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ta riƙe muciya ko ƙaramar guduma a tsaye, ta bar nauyin kan ya ja hannun a hankali zuwa wannan gefe, sannan wancan. Idan ta riƙe kusa da kan, ja kaɗan ne. Duk sanda ta matsa zuwa gindin ƙota, jan na ƙaruwa.

Sau goma kowanne, sau uku ko huɗu a rana, ya fi zama guda mai tsawo. Ga wadda ke salla, bayan kowace alwala lokaci ne da ba a mantawa. Jiƙa hannu a ruwan ɗumi minti goma kafin a fara yana sassauta shi. Ruwan ɗumi aka ce. Gashi da tafasasshen ruwa da murza da ƙarfi, irin wanda wata gwaggo za ta zo da tawul ta ce “kawo nan in gasa miki, ai sai an ji zafi yake saki”, yana ƙara kumburi, kuma fatar da ta fito daga siminti saurin ƙonewa gare ta. Ƙa'idar ciwo ita ce: jin ja da ɗan zogi yayin atisaye daidai ne. Ciwon da ya wuce awa ɗaya ko biyu bayan an gama, ko kumburin da aka tashi da shi da safe, yana nufin an wuce gona da iri, gobe a rage, amma kada a daina.

Sujada tana buƙatar tsintsiyar hannu ta ɗaga baya, ga kuma nauyin jiki in za a miƙe. A makonnin farko ta ajiye tafin kawai, ta tashi da ƙarfin ƙafa da ɗaya hannun.

Ƙarfin damƙa yana da nasa labarin. Tsokar da ke rufe yatsu ba a tafi take ba, a sangalin hannu take, daidai wurin da siminti ya lulluɓe, jijiyoyinta ne ke wucewa ta tsintsiya su isa yatsu. Ban da ramewar tsokar, damƙa na da alaƙa da yadda tsintsiyar hannu ta tsaya. Mai karatu zai iya gwadawa: ya lanƙwasa tsintsiyarsa gaba sosai ya damƙi yatsan ɗaya hannun, sannan ya ɗaga ta baya kaɗan ya sake damƙa. Bambancin a fili yake. Damƙa ta fi ƙarfi idan tsintsiya ta ɗaga baya kamar digiri 30, don haka wanda bai dawo da wannan ɗagawa ba, ko ya shekara yana matsa ƙwallo ba zai kai inda yake so ba.

Atisayen ƙarfi yakan fara ne wajen mako 8 daga ranar karaya, in likita ya yarda. A fara da soso a cikin ruwan ɗumi, a matse a saki. Daga nan tawul da aka naɗe, sannan kwaɓin fulawa mai tauri ko yumɓu, a damƙa, a mintsina da babban yatsa da manuniya, a mulmula. Don tsintsiyar hannu kuma, ledar fiya wata guda rabin kilo ce, ta isa a fara ɗagawa da saukewa da ita, daga baya a koma gorar lita ɗaya. Ayyukan gida su ma atisaye ne, in an bi su daki-daki: tsintar wake da ɓalle maɓalli da farko, sai wanke kofuna, sai matse ƙananan kaya. Daka, da jan guga, da ɗaukar jarka mai lita 25, wadda nauyinta kilo 25 ne, sai an wuce mako 12. Ɗan acaɓa shi ma ya jira wannan lokaci, domin murɗa totur da damƙe birki cikin gaggawa suna buƙatar duka abubuwan biyu, kuma faɗuwa ta biyu a kan ƙashin da bai gama ƙwari ba ta fi ta farko muni.

A asibiti akwai na'urar da ake matsawa ta nuna ƙarfin damƙa da kilo, ana kwatanta hannu mai ciwo da mai lafiya. Ga na-dama, hannun dama yakan fi hagu da kimanin kashi 10 cikin 100. A misalin mai ƙosai, a ce hagunta ya ba da kilo 24. Ba abin mamaki ba ne damanta ya ba da 7 ko 8 a awon farko, ya kai wajen rabin na hagu a wata na uku, ya haura kashi uku cikin huɗu a wata na shida, ya ci gaba da ƙaruwa a hankali har shekara ta zagayo. A gida, sikelin awon nauyin mutum ya isa: a ɗauke shi a matse gefensa da hannu ɗaya, a rubuta lambar, a maimaita kowane mako biyu. Awon kullum ba ya nuna komai sai ɓacin rai. Za ta iya komawa bakin kasko tun wata na uku, ta riƙa zuba ƙullu da juya ƙosai, amma buga ƙullu da sauke kaskon mai sai ta bar wa 'yarta tukuna.

Ciwo a ɓangaren ƙaramin yatsa, wajen ɗan ƙashin nan da ya turo, yakan daɗe watanni, musamman wajen murɗa abu, kuma galibi yana lafawa da kansa. Amma akwai alamu uku da ke buƙatar a koma wurin likita ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba. Idan babban yatsa, manuniya da na tsakiya suna mutuwa ko suna tsikari, musamman da dare, jijiyar da ke ratsa tsintsiyar hannu ce ta matsu. Idan wata rana kan babban yatsa ya faɗi ya ƙi ɗagawa, jijiyar da ke jansa ce ta tsinke saboda gogar ƙashi. Abin mamaki, wannan ya fi faruwa a karayar da ba ta goce sosai ba, makonni bayan an ɗauka komai ya wuce, kuma atisaye ba ya gyara shi, sai tiyata. Na ukun shi ne hannun da ke zafi kamar wuta, ya kumbura yana sheƙi, yana canza launi, yana gumi, ko shafar riga ba ya so. Wannan rikicewar jijiyoyin jin ciwo ce, kuma ɓoye hannun a daina taɓa shi ƙara ta'azzara ta yake yi. Maganin ciwo da motsi a hankali ƙarƙashin kulawar masu gashi, da wuri, su ne ke taimakawa.

Shan taba yana jinkirta haɗewar ƙashi, ciwon suga kuma yana ƙara yiwuwar sagewar yatsu da kafaɗa. Mace da ta daina al'ada, ta karye daga faɗuwar tsaye kawai, ya kamata a duba ƙwarin ƙashinta, don karayar hannu kan zama gargaɗin farko kafin ta ƙugu.

Yara lamarinsu daban ne. Ƙashinsu na haɗewa da sauri, wani lokaci mako 3 zuwa 4 in ƙaramar karaya ce, kuma gaɓoɓinsu ba su cika sagewa ba. Yaro zai fito daga siminti yana riƙe da hannu kamar ba nasa ba, bayan mako biyu ko uku a gan shi yana wasa ya manta. Yawancinsu ba sa buƙatar gashi, kuma kada babba ya kama gwiwar hannun yaro yana miƙewa da ƙarfi, hakan na iya ƙara ƙage ta. Abin da iyaye za su sa wa ido shi ne sake karyewa a wuri guda, wanda ya fi faruwa a karayar tsakiyar sangali cikin watannin farko. Hawa bishiya, kokawa, langa da tsaron gida a ƙwallo sai su dakata har lokacin da likita ya ɗiba, wanda ga irin wannan karaya kan kai wata biyu zuwa uku bayan cire siminti.